Sikirif mai gida biyu: hoto a hagu, murya a dama

"Salam Yaya. Ina aiki a sashen horar da ma'aikata na wani kamfani nan Jidda, mudir ya ce in rubuta sikirif na bidiyon kashe gobara na minti uku, wai kuma dole sai a tebur mai gida biyu, hoto gefe guda murya gefe guda. Ni dai na ga kamar tsohon yayi ne. Me ya sa har yanzu ake nacewa a kai, kuma ya ake rubuta shi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoho ne kam, ba ƙarya ka yi ba, daga gidajen talabijin da masu yin talla da finafinan wayar da kai aka gaje shi, tun zamanin da da tafireta ake bugawa. Amma mudir ɗinka yana da gaskiya, kuma bari in fara da abin da ya faru da ni, don ni ma sai da na sha wuya kafin na yarda.

Shekarun baya wani otal a Aziziyya can Makka ya ba mu aikin irin naka sak, bidiyon yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara, wadda a nan kowa ke ce wa ɗaffaya, don sababbin ma'aikatan da ake ɗauka gab da aikin Hajji. Jami'in tsaron lafiya na otal ɗin ya rubuto mana bayani shafi ɗaya da rabi, zube kamar wasiƙa, bayani mai kyau wallahi babu kuskure ko ɗaya, aka sa hannu. Muka ba mai murya ya karanta, muka fita da kamara bayan otal aka kunna wuta a tire muka ɗauka. Sai ranar da muka kai musu, muna zaune a ofis ana kallo, murya tana cewa "ka saita bakin tiyo a gindin wutar", a allo kuma ga yaron nan yana fesa hoda a saman harshen wuta, saboda mai kamara ya ga hakan ya fi kyau a hoto, farin hayaƙi na tashi kamar a fim. Jami'in ya tsayar da bidiyon ya juyo ya kalle ni bai ce komai ba. Kuma ba laifin mai kamara ba ne, babu inda aka rubuta masa abin da ya kamata ido ya gani a daidai lokacin da ake faɗin wannan jimlar. Takardar da aka sa wa hannu rabin bidiyon ce kawai, rabin da kunne ke ji. Sai da muka sake neman izini, muka sake cika tukwane, muka sake kwana ɗaya cur a rana don sakan shida.

To wannan ramin shi tebur ɗin yake toshewa. Ka daina kallon sa a matsayin gida biyu a tsaye, ka kalle shi a kwance, sahu sahu. Kowane sahu lokaci ɗaya ne a cikin bidiyon: abin da ke hagu shi ido ke gani, abin da ke dama shi kunne ke ji, kuma tare suke faruwa. In hoto ya canja ka buɗe sabon sahu. Shi ke nan dokar, sauran duk ƙarin bayani ne. Ga yadda tsakiyar naka zai iya kasancewa, irin wanda muka koma muka rubuta bayan mun ci duka:

| Lamba | Hoto | Sauti | Sakan |
|---|---|---|---|
| 6 | CU agogon tukunya, allura tana kan kore | VO: Duba agogon. Allura ta kasance a kan kore. | 4 |
| 7 | CU hannu ya fizge fil, ledar hatimi ta tsinke | VO: Fizge fil ɗin. In yana nan, hannun ba zai matsu ba. SFX: ƙarar fil | 5 |
| 8 | WS ma'aikaci daga gefe, kamar mita 2 daga wuta, ƙofar fita tana bayansa, a gan ta | VO: Tsaya nesa kaɗan, ƙofa tana bayanka. | 4 |
| 9 | MS daga ƙasa, bakin tiyo yana kallon gindin wuta. GFX: kibiya ja a gindin wutar | VO: Saita gindin wutar, ba harshenta ba. | 4 |
| 10 | MS ya matsa hannu, yana kai tiyo dama da hagu har wuta ta mutu | VO: Matsa, ka share dama da hagu. Sai shiru, SFX: ƙarar feshi | 8 |

Waɗancan gajerun haruffan haka ake buga su ko'ina, ko sikirif ɗin da Larabci ne, don kowane mai kamara da edita ya san su. CU hoto ne na kusa sosai, MS matsakaici kamar daga ƙugu zuwa sama, WS mai faɗi da ke nuna wurin gaba ɗaya. VO murya ce da ba a ganin mai ita, SFX ƙarar wani abu, GFX zane ko rubutun da edita zai ɗora. Waɗannan shida sun ishe ka, kar ka je ka haddace talatin. Gidan lamba da na sakan ƙari ne da kusan kowa ke yi, amma sunan bai canja ba, mai gida biyu ake ce masa.

Ka lura da sahu na 8. "Ƙofar fita tana bayansa, a gan ta." In da zube ka rubuta, wannan ba zai taɓa zuwa maka a rai ba, za ka rubuta jimlar ka wuce. Amma da ka rubuta murya a dama sai ga akwatin hagu fayau yana kallon ka, dole ka tambayi kanka to me za a nuna a nan. Wannan akwatin da babu komai shi ne amfanin tsarin gaba ɗaya a gani na. Yana tona asiri tun ana kan takarda. In ka ga dama ta cika da layi takwas hagu kuma kalma uku ce, "ma'aikata suna aiki", to ka san lacca ka rubuta ba bidiyo ba, kuma edita zai je ya ɗebo hotunan mutane suna tafiya a baranda ya lulluɓe wurin da su, irin bidiyon da ma'aikaci ke kallo yana danna waya. Sau tari ma in ka rasa abin da za ka sa a hagu, alama ce jimlar ba ta bidiyo ba ce, ta takardar da za a raba ce ko ta bakin mai horarwa a aji, cire ta kawai.

Yanzu maganar lokaci, nan ne sababbi ke faɗuwa. A sikirif na fim, wanda ake bugawa da salon haruffan Courier mai girman 12, akwai lissafin da aka saba, shafi ɗaya kamar minti ɗaya. A tebur wannan lissafin ba ya aiki sam, shafi ɗaya zai iya zama sakan ashirin ko minti biyu. Da murya ake aunawa. Masu Turanci suna lissafa kalma 130 zuwa 150 a minti, amma kar ka ɗauko wannan ka ɗora wa Hausa ko Larabci ido rufe. Hausa cike take da ƙananan kalmomi, ya, ta, da, na, ba, sai ka ga adadi ya yi yawa alhali karatun bai daɗe ba. Larabci kuma akasin haka, yana manne wa da bi da al a jikin kalma, sai kwamfuta ta ƙirga kaɗan amma baki ya daɗe yana faɗa. Saboda haka ɗauki wayarka, kunna agogo, karanta sahun da ƙarfi a hankali kamar kana yi wa wanda yau ya sauka daga jirgi bayani, abin da agogo ya nuna shi za ka rubuta.

Bari in nuna maka da sahu na 7. Abin da jami'i irin naku zai rubuto maka shi ne: "Kafin ka yi amfani da tukunyar kashe gobara, wajibi ne ka tabbatar ka cire ƙarfen da ke riƙe da hannunta, domin in ba ka cire shi ba ba za ta yi aiki ba." Kalma 33 ke nan, in na karanta a natse ina cin wajen sakan 12. Fizge fil kuwa sakan 3 ne a duniya, ko an ja shi an rage gudu ba zai wuce 5 ba. Ke nan akwai sakan 7 da murya ke zuba babu hoto. Edita abu biyu zai yi, ko ya daskarar da hoton, ko ya wuce zuwa hoto na gaba, kuma na biyun shi ne masifa, saboda yanzu murya tana maganar fil ido kuma yana ganin mutum ya riga ya tsaya gaban wuta, daga nan har ƙarshe kunne yana bin ido a baya da taki ɗaya, mai kallo ba zai iya faɗa maka me ke damun sa ba amma ba zai riƙe jerin matakan ba. Gyaran a tebur minti biyu ne: ka datse zuwa kalma 11 kamar yadda na yi a sama, don ai ido ya riga ya ga tukunyar, ba sai ka kira sunanta ba. In kuma jami'i ya kafe sai an faɗi dalili, to ka ƙara sahu, a nuna hannu yana matsawa fil yana ciki abu ya ƙi, sannan a fizge. Kowanne ka zaɓa daidai ne, abin da ba a so shi ne a gano ranar editin.

Kuma ka ga sahu na 10 na rubuta "sai shiru". Shiru ma rubuta shi ake yi. Sharar wutar tana bukatar sakan takwas ɗin nan mutum ya kalli hannu yana kai da kawowa, in ka cika wurin da magana ka ɓata shi. Masu horarwa muna da wannan ciwon, ba ma son shiru, a aji in muka yi shiru ji muke kamar ba ma aiki.

In ka tara gidan sakan gaba ɗaya ya kamata ka samu 180 tunda minti uku aka ce. Ni nakan tsaya wajen 165, saboda tambarin kamfani a farko da allon lambobin gaggawa a ƙarshe da ɗan numfashi tsakanin sahu duk suna cin nasu.

Sai dalilin da ya sa kamfanoni musamman suka riƙe shi, wanda ba ruwansa da fasaha, maganar sa hannu ce. Bidiyon horarwa ba mutum ɗaya ke amincewa da shi ba. Jami'in tsaron lafiya zai duba, sashen ma'aikata zai duba, wani lokaci lauyan kamfani, sannan mudir. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa karanta sikirif na fim, amma kowa ya iya karanta jadawali, kullum cikinsa suke. Jami'i zai bi gidan hagu ya ce sahu 9 ma'aikacin bai sa safar hannu ba, ko wannan tukunyar hoda ce, in a kicin za a ɗauka kan man suya ba ita ake so ba, a kawo ta kicin mai ruwan sinadari ko bargon wuta. Wani zai ce a allon ƙarshe kun sa 998 na difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana, kawai, a ƙara 911 tunda tana aiki a yankin Makka. Kowane gyara yana da lambar gida, ba "can wajen tsakiya inda ake maganar wuta" ba. Kuma ranar da aka kai bidiyo wani ya ce ai ba haka muka ce ba, sai ka buɗe takarda, ga sahu ga sa hannunsa. Ba don rigima ba, amma wanda ya yi aiki da kamfani a ƙasar nan ya san darajar takarda mai sa hannu.

Kan lambobin nan akwai doka ɗaya da ba na sassautawa. Da zarar an amince, lamba ba ta canjawa. In an ƙara sahu tsakanin 7 da 8 sunansa 7A, in an cire 12 a bar gurbinsa a rubuta an cire. Dalili, mai kamara ya riga ya sa wa fayilolinsa suna da waɗannan lambobin, mai murya ma haka, masu fassara ma haka, in ka sake jera lamba to 8 ɗinka ba 8 ɗin edita ba ne, kuma ba wanda zai lura sai an haɗa.

Fassara kuwa, kai da ke Jidda ka fi ni sanin ma'aikatanku. Akwai mai Larabci, mai Urdu, mai Bangali, ga namu Hausawa, wani wurin har mai Tagalog. Hoto ɗaya za a ɗauka, murya huɗu ko biyar. Abin da ake yi shi ne a bar gidan hagu da na sakan yadda suke, a ba kowane mai fassara gidan dama, a ce masa sahu 7 sakan 5 gare ka, ka san yadda za ka yi. In ka ba shi rubutu zube zai fassara maka da kyau da cika, sai jimlar da ta ci sakan 4 ta dawo 7, kuma ka dawo kan matsalar fil ɗin nan a harshen da ba ka ji balle ka gane an zame. Shi ya sa ma nake barin sarari a kowane sahu tun a harshen farko, kar murya ta cika sakan ɗin taf. Sannan duk rubutun da zai fito a allo ka rubuta shi a hagu harafi da harafi, kar ka ce "a sa taken mataki na biyu", don shi ma sai an fassara shi, kuma rubutun Larabci a wasu manhajojin editin in ba a saita su ba yana fitowa a warwatse ko a juye, edita in ba ya karanta Larabci ba zai gani ba sai ya kwatanta da takarda.

Wani abu da ni kaina ya taɓa rikita ni, in takardar ta Larabci ce tebur yana juyawa, gidan farko ya koma dama. Sai ka ji mudir yana cewa hoto a dama, edita ɗan Indiya yana cewa a hagu, kowa kuma yana da gaskiya. Ba hagu ko dama ba ne abin riƙewa, hoto ya zama shi ido ke fara karantawa, a sa take a saman kowane gida, a tsaya kan tsari ɗaya har ƙarshe.

Wajen bugawa ba ka bukatar sayen komai. Akwai manhajoji irin Celtx da ke da wannan tsarin, amma Word ko Google Docs sun isa, kuma su ne mutanen ofis ɗinku za su iya buɗewa su yi sharhi. Tebur na gaske za ka saka ta Insert sannan Table. Kar ka yi amfani da Columns na Layout, wancan na jarida ne, rubutu yana malala daga gida zuwa gida, kuma kar ka jera da Tab, kalma ɗaya ka ƙara komai ya wargaje. In a Word ne, abu biyu za ka saita a Table Properties ƙarƙashin Row: ka cire alamar Allow row to break across pages don kar sahu ya rabe hoto a shafi na 2 muryarsa a na 3, sannan a sahun take ka sa alamar Repeat as header row at the top of each page.

Kafin ka kai wa mudir ka yi gwaji biyu. Rufe gidan dama da takarda ka bi hagu kaɗai daga sama zuwa ƙasa, ka tambayi kanka wanda ba ya jin harshen ko yake kallo a waya a masauki ana hayaniya zai iya kashe wutar da abin da ya gani? Sannan ka rufe hagu ka karanta dama da ƙarfi. In daman ita kaɗai ta wadatar ba a rasa komai ba, to rediyo ka rubuta, hoton ado ne kawai. Mai kyau shi ne ka ji dama tana da ɗan giɓi, tana cewa "nan" da "haka", hagu tana cikewa.

Ba ko'ina yake aiki ba dai, kar ka zama kamar wasu da suka mai da shi addini. In bidiyon wasan kwaikwayo ne, misali yadda ma'aikacin tarbar baƙi zai yi da alhajin da ya fusata an ba wani ɗakinsa, mutum biyu suna musayar magana, to tsarin fim ya fi, don a siririn gida hirar tana tsawo tana wahalar karantawa kuma 'yan wasa ba sa samun numfashinta. In hira ce da tsohon ma'aikaci, ba za ka rubuta masa abin da zai faɗa ba, sai an ɗauka an kwafe maganarsa sannan ka gina tebur daga baya da lokacin da kowace magana ta fara da inda ta ƙare. In kuma darasi ne na kwamfuta da mai koyo ke danna zaɓi ya bi hanya daban, gida biyu ba za su ɗauka ba, sai an ƙara na abin da aka danna da inda zai kai. Naka kuwa mataki ne bayan mataki da hannu da tukunya, irin aikin da aka yi tebur ɗin dominsa.

Mai murya kar ka ba shi tebur ɗin gaba ɗaya, zai riƙa leƙa hagu yana tuntuɓe. Kwafe masa gidan dama da lambobi da sakan a takarda daban da manyan haruffa, ya kira lambar sahu kafin ya karanta kowanne, edita zai yanke lambobin daga baya. Kuma ka fara cika gidan hagu kafin dama, ka sauka sito tare da jami'inku ya yi matakan a gabanka da tukunya a hannu kana rubuta abin da ka gani kana dubawa a agogo, in ka gama ka turo min sahu goma na farko in duba maka sakan ɗin.